Mai abincin bikinmu tana neman cikonta, mu kuma roba 54 ba mu gani ba

Yayar Amarya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah kada kowa ya tambaye ni sunan matar, ba zan faɗa ba. Asabar ɗin da ta wuce muka aurar da ƙanwata a wani ƙauye gaba da Ringim kaɗan. Abincin mun ba wata mai girkin biki daga cikin Kano kwangila, har takarda muka yi. Ga abin da ke ciki: roba 300 ta dafa-duka da kaza da salak don ɗaurin aure, kowace naira 2,000. Kula 5 ta shinkafa da miya don yinin mata, kowace 60,000. Jimla 900,000. Mun ba ta 700,000 kafin alƙalami, saura 200,000. An rubuta "abinci zai iso da safe". An ɗaura aure ƙarfe 11, motar abinci ba ta shigo gari ba sai ɗaya da rabi. Da muka ƙirga robobi 246 muka samu, wasu ma fuffuke ne kawai a ciki. Kulolin biyu ne manya, uku matsakaita. Salak ya saki ruwa ya jiƙa shinkafar, kafin magariba yara huɗu suna ta amai. Yanzu kira take ba dare ba rana a ba ta cikonta. Mu biya ko kada mu biya?

Maman 'Yan Biyu: Wa'alaikumus salam. Sisi kada ki ba ta. Ita ce ma ya kamata ta dawo muku da wani abu. Allah ya ba yaran lafiya, ya sanya alheri a auren.

Kawu na Gumel: Amin. Ni dai tambayata, ina matan gidan suka tafi? Da can daren biki ake kafa murhu a bayan gida, a jera tukwane, dangi su kwana suna tuƙa tuwo, kuma ba mu taɓa jin an ce abinci ya makara a hanya ba. Dubu ɗari tara a kan shinkafar wuni ɗaya! Da an ƙara wa yarinya a kayan ɗaki.

Yayar Amarya: Kawu, an tuƙa tuwon ma, har da waina, su ne suka rufa mana asiri da safe. Wannan na baƙin ango ne da suka taso daga nesa.

Hajiya Mai Girki: Sannu 'yar'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Sana'ata ce wannan, don haka zan yi magana ba don in kare ta ba. Amsa min uku tukuna. Wa ya tsaya a bakin mota lokacin da ake sauke robobin? Yaushe aka ƙirga su? Sannan ta faɗa muku yawan shinkafar da ta dafa?

Yayar Amarya: Hajiya, lokacin da motar ta tsaya wuri ya riga ya hargitse, mutane sun gaji da jira. Samarin unguwa ne suka yi ta kwasa a manyan ledoji suna kai wa zaure da ɗakin Baba. Ƙanena ne ya ƙirga bayan an shigar da su. Ita kuma a waya ta rantse min buhu ɗaya da rabi ta dafa, mai kilo 50.

Hajiya Mai Girki: To bari mu yi lissafin a fili kowa ya gani. Buhu mai kilo 50 kwano 20 ne a awon Kano, don kwano ɗaya yana kai kilo biyu da rabi. Buhu ɗaya da rabi kenan kwano 30. Ni a hannuna, kwano ɗaya na shinkafa yana ba ni roba 20 idan irin zubin birni ne, wanda ba a danna ba. Idan zan danna ta yadda namiji zai ci ya ƙoshi, 16 ko 17 nake samu. A farashin da kika faɗa, da kaza a kai, zubin birni ta yi, ba ko shakka. Roba 300 kenan ta ci kwano 15.

Saura kuloli. Babbar kula, wadda mutum biyu ke kamawa, tana ɗaukar dafaffen kwano 4. Matsakaiciya 2. Manya biyu kwano 8, matsakaita uku kwano 6, an samu 14. Ki haɗa 15 da 14, kwano 29. Kin ga ya zo dab da abin da ta ce ta dafa, ɗayan kwanon ya tafi a ƙanzo da cikin ma'aikata. Wato idan maganar buhu ɗaya da rabi gaskiya ce, to roba 300 ta zuba, kuma 54 ɗin nan tsakanin bakin mota da zaure suka yi ƙafa. Ba a ƙirga a gaban direbanta ba, don haka a nan ba ki da abin kama ta.

Inda ta ci ku shi ne kula. Ku kuna zaton manya biyar, kwano 20. Ta kawo na kwano 14 ta karɓi kuɗin bai ɗaya. Kwano 6 sun tafi, abincin mace sama da ɗari kenan. Amma takardarku "kula 5" kawai ta ce.

Maman 'Yan Biyu: Haba Hajiya! Ai kin kare ta kin gama. Buhu ɗaya da rabin nan wa ya gani? Bakinta ne kawai. Wanda ya iya kawo fuffuke a matsayin kaza ai zai iya cewa ya dafa buhu goma.

Hajiya Mai Girki: Shi ya sa na ce "idan". Ban ce na yarda ba, cewa na yi lissafin bai ƙaryata ta ba.

Ɗan Kura: Hajiya ranki ya daɗe, ƙarin bayani kaɗan daga wajen masu shinkafa. Ba kowane buhu ne ke cika kwano 20 ba. Na kamfani da aka ɗinke yana zuwa daidai ko kusa. Amma 'yar gida da ake ɗurawa a kasuwa, sau da yawa 18 za ki auna ko 19, buhun ne kawai aka rubuta 50 a jikinsa. Kuma auki ya bambanta. Tsohuwar shinkafa da ta bushe sosai ta fi auki, sabuwar girbi tana da danshi, ba ta shan ruwa da yawa, ga saurin caɓewa. Don haka buhu ɗaya da rabinta zai iya zama kwano 27, kuma da haka roba 300 ba za ta fita ba sai an rage hannu.

Hajiya Mai Girki: Wannan gaskiya ne, na karɓa. Shi ya sa ni ba na rubuta buhu a takarda, kwano nake rubutawa.

Anti Amarya ta Dutse: Ni ma haka mai kwalliya ta yi min ranar kamu, ta ce ƙarfe biyu, sai bayan la'asar ta zo, ga hoda ta yi min fari fat kamar an tsoma ni a gari. Wallahi masu harkar biki duk halinsu ɗaya.

Mai Kula da Zaure: Anti, a bar maganar kwalliya zuwa wani lokaci, abinci ake yi yanzu. Sannan wanda ya turo min hoton wata mata yana tambaya ko ita ce, ba zan saka ba.

Malamar Asibiti: Ni yaran ne suka tsaya min a rai, kowa ya tafi lissafin roba. Yaya, ya jikinsu yanzu? Ƙarfe nawa suka ci, ƙarfe nawa aka fara aman? Akwai gudawa ko zazzaɓi? Kuma na roba suka ci ko na kula?

Yayar Amarya: Sun warware alhamdulillah. Na roba suka ci wajen ƙarfe biyu da rabi, aman ya fara bayan la'asar sakaliya. Babu zazzaɓi. Ɗaya ce ta yi gudawa, ita aka kai sha-ka-tafi aka ba ta ruwan gishiri da sukari. Matan da suka ci na kula ba wadda ta yi ƙorafi.

Malamar Asibiti: Alhamdulillah. Ba zan iya rantsewa daga waya ba, amma yadda kika faɗa ya yi kama da abincin da ya daɗe a ɗumi. Amai da ke zuwa cikin awa ɗaya zuwa shida bayan cin abinci, babu zazzaɓi, kuma ya wuce cikin kwana ɗaya, yawanci guba ce da ƙwayar cuta ta riga ta zuba a cikin abincin tun kafin a ci. Shinkafa ta yi suna a wannan. Akwai wata ƙwaya da ke zuwa da ita tun tana ɗanya, dafuwa ba ta kashe ta duka, idan shinkafar ta huce ta zauna a ɗumi sai ta farfaɗo ta yi ta hayayyafa. Haka ma abin da aka yanka da hannu ba a dafa ba, irin kabeji da ƙwai da mayonis.

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke koyarwa ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka kawai. Ko dai ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, ko ya shiga sanyi ƙasa da digiri 5. To ki duba naku. Mai son isowa Ringim da safe ta gama girki tun asuba, ta zuba a roba wajen bakwai. An ci biyu da rabi. Awa bakwai da ɗoriya kenan, a bayan mota, a wannan bazarar da rana ke haura digiri 40. Cikakkiyar kula da ba a buɗe ba tana riƙe zafi na wasu awanni, shi ya sa matan suka tsira. Roba kuwa siririya ce, nan da nan take sauka zuwa ɗumi, ga salak an kwantar a kan shinkafa mai tururi an rufe.

Maman 'Yan Biyu: Ai da sun juye a tukunya sun sake ɗumamawa da shi kenan. Mu haka muke yi, wuta tana kashe komai. Kuma ai hanci yana faɗa, in ta lalace za ka ji tsami.

Malamar Asibiti: Rabin maganarki daidai ne Maman 'Yan Biyu. Ɗumame mai kyau, wanda ya yi tururi har ciki, yana kashe yawancin ƙwayoyin. Amma wannan gubar mai sa amai ba ta jin wuta, in ta riga ta taru ko kin sake tafasawa tana nan. Hanci kuma ba alƙali ba ne. Abin da ya yi tsami ko yauƙi a zubar, babu gardama, sai dai abinci yana iya zama lafiya lau a hanci da baki ya kwantar da yaro.

Hajiya Mai Girki: Malama ta gama magana, kuma a nan ba ni da abin da zan kare 'yar sana'ata da shi. Ba a haɗa salak da shinkafa mai zafi a roba ɗaya idan za a yi tafiya. Ko a ƙulla shi daban a sa a kular ƙanƙara, ko a tafi da kabeji da karas ɗin a yanka a can, mayonis kuma sai za a miƙa. Ni in bikin ƙauye ne a watan zafi, kai tsaye nake ce wa masu biki su haƙura da salak. Kuma in tafiyar ta wuce awa ɗaya ba na zuba roba a gida. Kula nake cikawa, in tafi da robobi da yarana biyu mu zuba a can. Wanda ya fi ma shi ne in kwana a garin, su tanadar min itace da ruwa, in yi girkin a gabansu. Sai dai mutane ba sa son biyan kuɗin motar tukwane.

Direban Hanyar Haɗeja: Yaya, me ta ce ya tsayar da su? Don daga Yankaba ka bi ta Gezawa zuwa Ringim, ko da lodi, ko da tsayawar shingaye, awa biyu ta yi yawa.

Yayar Amarya: Wai taya ce ta fashe bayan Gezawa, babu safaya.

Direban Hanyar Haɗeja: Taya tana fashewa, ba a musu. Amma ko babu safaya, a cire ta a hau acaɓa a kai wa mai faci a dawo, awa ɗaya ce, in ta yi yawa ɗaya da rabi. In sun bar Kano bakwai da rabi, da ƙarfe 11 suna ƙofar gidanku. Ni abin da na sani a wannan harkar, ranar Asabar mota ɗaya ake ɗora wa abincin biki biyu ko uku, a fara sauke na cikin gari, na ƙauye ya zo ƙarshe. Ban ce haka aka yi muku ba. Amma ki tambayi wanda ya ga cikin motar ko akwai wasu kulolin da babu komai a ciki.

Yayar Amarya: Ikon Allah. Yanzu na tambayi ƙanena, ya ce akwai kuloli wajen shida a can ciki, kuma da ya jingina da ɗaya ta motsa, babu nauyi.

Maman 'Yan Biyu: Kun ji ko! Taya ta fashe, wai.

Hajiya Mai Girki: Alama ce, ba hujja ba. Tana iya cewa na jiya ne ba a sauke ba. Amma ki tambaye ta kai tsaye, biki nawa ta karɓa ranar. Ba laifi ba ne karɓar biyu, ni ma ina yi, laifin shi ne a haɗa su a mota ɗaya alhali an san ɗaya yana wata jihar.

Malam na Islamiyya: Assalamu alaikum. Ta fuskar shari'a, Allah ya ce a farkon Suratul Ma'ida a cika alƙawura, kuma wannan ya hau kan ɓangarorin biyu. Ba daidai ba ne a riƙe mata duka dubu ɗari biyun saboda fushi, tunda an karɓi abincin an ci. Ita ma ba ta da haƙƙin cikakken kuɗi a kan aikin da ta tauye. Inda takarda ta yi shiru ana komawa ga al'adar mutanen wurin. Kowa ya san abincin ɗaurin aure ana raba shi ne da an shafa fatiha, don haka "da safe" ba zai ɗauki bayan azahar ba, ko da ba a rubuta ƙarfe ba. Shawarata a zauna a gaban mai unguwa ko wani dattijo da ku duka kuka yarda da shi, in ta ƙi, ofishin Hisba suna yin irin wannan sulhun. Kada a fara da caji ofis.

Kawu na Gumel: Malam, ni ban yarda takardar nan tana da wani amfani ba. An rubuta, an sa hannu, ga shi ana ta jayayya. Da mutumci aka bi, aka ba wata ta cikin gari da ake haɗuwa da ita a gidan suna, kunya ma ba za ta bar ta ta yi haka ba.

Hajiya Mai Girki: Kawu, ta gari tana da daɗinta, amma na sha ganin zumunci ya ɓaci a kan tukunyar da ba a rubuta komai ba. Matsalar wannan takardar ba ta faɗi abin da za a iya aunawa ba. "Da kaza" me ake nufi? Kaza ɗaya ni gida 8 nake yanka ta, roba 300 kaji 38 kenan. Wata gida 12 take yi, har wuya da fuffuke a lissafi, kaji 25 sun ishe ta. Kaji 13 ne tsakanina da ita, kuma dukkanmu "da kaza" muka rubuta. Tawa takardar cewa take: shinkafa kwano kaza, naman kaza yankan takwas, ban da wuya da ƙafa, kula mai cin kwano huɗu, mota a ƙofar gida ƙarfe tara da rabi. In na wuce da awa ɗaya a cire kuɗi kaza daga cikona, in kuma su suka sauya lokaci ko suka ƙara baƙi wannan nasu ne. A ƙasa akwai sunan mutum ɗaya daga gidan biki da zai ƙirga tare da yarona kafin leda ɗaya ta bar mota, su duka su sa hannu. Wannan layin na ƙarshe ni yake karewa fiye da masu bikin, don a ƙauye ba a shiga ɗaurin aure da kati, ka shirya wa 300 mutum 500 su zo, ƙarshe a ce mai abinci ce ta rage.

Ɗan Kura: Ko kuma a sayi shinkafar da kajin a kai mata, a biya ta ladan girki kawai. Ka san abin da ka auna.

Maman 'Yan Biyu: Mun gwada wannan a bikin ɗiyar yayata. Man gyaɗa da tumatir sau uku ana aiko mana a ƙaro.

Yayar Amarya: To Hajiya, in ke ce a zaman nan, nawa za ki ce a cire?

Hajiya Mai Girki: Zan fara da kula don ita ce mai lissafi. In 60,000 kuɗin babba ce mai kwano 4, matsakaiciya rabinta ce, 30,000. Uku kenan an cire 90,000. Robobi 54 kuɗinsu 108,000, amma tunda ba a ƙirga a bakin mota ba, ni zan ce a raba asarar biyu, 54,000. An samu 144,000, saura 56,000. A cikin wannan a cire abin da aka kashe wa yara a asibiti. Makara kuma ba ku rubuta mata tara ba, sai abin da dattijo ya gani.

Maman 'Yan Biyu: Ni fa har yanzu ban ga dalilin raba asarar roba ba. Ita ta makara har wuri ya rikice, da ta zo a kan lokaci da an ƙirga a tsanake.

Malam na Islamiyya: Wannan ma magana ce mai ƙarfi, a faɗe ta a wurin zaman.

Malamar Asibiti: A kuma gaya mata maganar salak ɗin ƙarara, ko da ba a cire ko kwabo a kai ba. Asabar mai zuwa wani gidan za ta kai. In ta yi gardama, duba-gari na ƙaramar hukumar da take girki aikinsu ne su leƙa wurin.

Yayar Amarya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba ya ce a kira ta ranar Laraba gidan mai unguwa. Kulolinta biyar suna nan wurinmu, ta ce direba zai zo ɗauka gobe. Mu ba shi?

Hajiya Mai Girki: Ku ba shi, kayan sana'arta ne, riƙe su zai ɓata muku magana. Amma kafin ya zo ku auna su. Ku samo jarka mai lita 25, ku cika kowace kula da ruwa, ku rubuta abin da ta sha, a ɗauki hoto da mutum biyu a tsaye. Dafaffen kwano ɗaya yana cin wajen lita takwas zuwa tara, don haka duk kular da jarka ɗaya ta cika ta har ruwa ya rage, ba ta ɗauki kwano huɗu ba, ko me za ta ce ranar Laraba.

Direban Hanyar Haɗeja: In direban ya zo a ba shi ruwa mai sanyi a ja shi da hira, a tambaye shi ina ya fara sauke kaya ranar Asabar. Mu direbobi ba mu iya riƙe irin wannan ba.